Bashin katin banki ko zuba jari: ina zan fara kai riyal dubu ɗayan da ke saura mini?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Katsina ne, shekarata huɗu ina aiki a wani kamfanin dakon kaya a Jidda, albashina riyal 8,500. Iyalina suna gida. Lokacin rashin lafiyar mahaifiyata na ci bashi a katin banki, yanzu riyal 18,000 ne a kansa, suna ɗora ribar kashi 2.5 cikin ɗari duk wata, ni kuma ina biyan 900. Akwai wani bashin na riyal 30,000 da na karɓa a kamfanin lamuni na shekara uku, ribar kashi 15 a shekara, ina biyan 1,208 a wata, na biya wata goma sha biyu. Bayan haya da abinci da saƙon gida, riyal 1,000 kan saura mini, kuma ina da 4,000 a ajiye. Abokin zamana ya ce in bar bashi ya biya kansa a hankali, in fara sayen hannun jari ko in riƙa aikawa gida inda ake ba da riba mai tsoka. Shekarata 36 ban ajiye komai ba, abin yana hana ni barci. Wanne zan fara?

Ɗan'uwanku a Jidda

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi mata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, naka kuma ta hanyar da ba abin kunya ba ce ya zo.

Katin za ka fara kashewa. Duk dubu ɗayan nan ka haɗa ta da 900 ɗin, ka riƙa zuba riyal 1,900 a katin kowane wata har ya mutu. Ɗaya bashin kuwa hukuncinsa daban ne, zan zo kansa, domin lissafinsa ba ya tafiya yadda mutane suka zata.

Abin da ke yaudarar mutane a katin shi ne ƙanƙantar lambar. Kashi 2.5 ba ya tsorata kowa, sai dai na wata ne. A kan 18,000, riyal 450 ke nan kowane wata, ma'ana rabin 900 ɗin da kake bayarwa ba ya taɓa uwar kuɗin ko kaɗan. Idan aka tara shi wata bayan wata har shekara, yana kaiwa kusan kashi 34.5 cikin ɗari. Buɗe takardar bayanin katin a manhajar bankinka, ka nemi inda aka rubuta APR, ko da Larabci معدل النسبة السنوي. Babban Bankin Saudiyya, wato SAMA, ya wajabta wa bankuna da kamfanonin lamuni su bayyana wannan lamba, kuma ita ce ainihin farashin bashin a shekara har da kuɗaɗen da ake cira a gefe. Kada ka yi mamaki idan ka ga taka ta ɗara 34.5, kuɗin sabunta kati na shekara ne ya shiga ciki.

To duk riyal ɗin da ka sa a katin yau, ya hana a ɗora maka wannan kason a kansa daga yau. Riba ce da ba ta jiran kasuwa ta tashi, ba ta jiran wani kamfani ya raba komai. Abokin zamanka sai ya kawo jarin da zai ba ka sama da kashi 34 a shekara, babu faɗuwa, kafin maganarsa ta yi daidai da wannan. Duk wanda ya yi maka alkawarin irin wannan riba tabbas, kama aljihunka ka tashi daga wurin.

Bari mu bi hanyoyin biyu da kuɗinka, mu ga inda kowace za ta sauke ka. A duka biyun riyal 1,900 ne ke fita daga hannunka kowane wata, kuma na ɗauka ba ka ƙara sayen komai da katin ba.

A hanyar abokinka, kati yana karɓar 900, jari yana karɓar 1,000. Da 900 a wata, katin zai ɗauki wata 28 kafin ya ƙare, kuma ribar da za ka biya banki a tsawon lokacin za ta kai wajen riyal 7,260. Mu ƙaddara jarin yana kawo kashi 5 a shekara, wanda misali ne kawai na ajiya mai ƙarancin haɗari. Bayan wata 28 kana da kusan riyal 29,600 a hannu, kati ya mutu.

A tawa hanyar, kati yana cinye 1,900 ɗin gaba ɗaya. Wata 11 ya ishe shi, ribar banki kuma ta tsaya a wajen riyal 2,800. Daga wata na goma sha biyu, 1,900 ɗin duka ta koma jari, har wata 17. A ranar da wancan ke biyan kuɗin katinsa na ƙarshe, kai kana da kusan riyal 33,400. Bambancin ya kai riyal 3,800, kusan rabin albashinka na wata, ba tare da ka ƙara kwabo a abin da kake fitarwa ba. Ko da mun yi wa jarin kyakkyawan zato muka ce kashi 10 yake kawowa, abokinka zai tashi da wajen 31,400, kai da wajen 34,500. Har yanzu kana gaba da fiye da dubu uku, shi kuma sai ya ɗauki kasadar kasuwa kafin ya ga wannan kashi goman.

Na san abin da ke damunka ba lissafi ba ne kaɗai. Mutum mai shekara 36 yana son ya ga wani abu da sunansa a kai, ya buɗe waya ya ga lamba tana hawa. Biyan bashi ba ya ba da wannan daɗin, kuɗi ne ke fita kawai ba ka ga abin da ya dawo ba. Amma jinkirin da nake nema a wurinka wata goma sha ɗaya ne, bayansu kuma za ka shiga jarin da kusan ninki biyu na abin da za ka iya sawa yau. Kafin shekara ta zagayo an gama.

Akwai tarko ɗaya a takardar katin da nake so ka gane. Layin da ke nuna mafi ƙarancin abin da za a biya, wanda yawanci kashi 5 ne na abin da ake binka, yana raguwa yayin da bashin ke raguwa. Wata biyu ko uku nan gaba za ka ga an rubuta ɗari takwas da wani abu, daga baya ɗari bakwai, zuciya ta ce ai an samu sauƙi. Wanda ya bi wannan layin yana rage abin da yake biya, sai ya shekara biyu da wata biyu kafin bashinsa ya koma rabi, kuma bayan shekara biyar ana binsa fiye da riyal 3,600. Kai ka tsayar da lambarka a 1,900, kada ka ƙara kallon wancan layin.

Yadda za ka yi a aikace shi ne, ranar da albashi ya shigo, kafin ka je wurin masu aika kuɗi, kafin ka biya kowa, ka tura 1,900 ɗin cikin katin. Idan manhajar bankin tana da umarnin tura kuɗi da kanta duk wata, saita ta a kan kwana ɗaya bayan ranar albashi. Kada ka jira ranar ƙarshe ta biya, domin kuɗin da ya kwana mako biyu a asusu yakan samu mai nema: wani ya bugo daga gida, wani ya zo Umara yana son a raka shi Balad sayen tsaraba. Sannan ka cire katin daga wayarka da duk manhajojin sayayya da ka ajiye lambarsa a ciki, shi kansa ka sa shi a ƙasan akwati tare da fasfo. Cefane da man mota su koma kan katin mada, wanda ke cira daga abin da kake da shi. Dalilin wannan tsanani shi ne, a yawancin katuna, kwanakin sassaucin da ake bai wa mai saye ba tare da riba ba na wanda ya biya bashinsa duka ne. Mai ragowar bashi a kai, sabon sayayyarsa ma shiga lissafin riba take yi.

Za ka san abin yana tafiya daidai idan ka riƙa duba layi ɗaya tak a takardar kowane wata, layin ribar da aka ɗora. Wannan watan 450 ce. Wata mai zuwa ya kamata ka ga wajen 414, na bayansa wajen 377, haka har ƙasa. Idan ka ga ta tsaya ko ta ƙi sauka yadda ya kamata, wani abu na shiga katin ta bayan fage. Ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya: ko wata manhaja ce ke cirar kuɗin wata-wata da ka manta da ita, ko kuɗin sabunta kati ne, ko wani inshora da aka haɗa maka da shi ranar da ka sa hannu, ko tarar jinkiri. Ka kira bankin ka tambayi kowane layi da ba ka gane ba, ka karɓi lambar ƙorafin. Idan ba su warware ba, SAMA tana karɓar ƙorafin abokan cinikin bankuna.

Manhajojin nan da ke raba kuɗin kaya kashi huɗu, su ma ka ba su hutu har katin ya mutu. Ko da babu riba a kansu, daga cikin 1,900 ɗin nan za su ci.

Idan kana da amintattun mutane a wurin aiki ko a unguwa masu yin adashi, abin da Larabawan nan ke kira jam'iyya, akwai hanyar da za ta ƙara maka sauri. A ce ku goma ne, zubi riyal 1,000, aka yarda ka yi kwasar farko. Ka ɗauki 10,000 ɗin ka zuba a katin a ranar, bashin ya koma 8,000, ribar wata ta sauko daga 450 zuwa 200. Daga nan dubu ɗayanka tana tafiya zubi, 900 tana tafiya kati, cikin wata goma zuwa sha ɗaya duka biyun sun ƙare, ribar da banki ya ci kuma ba ta wuce wajen riyal 1,200 ba maimakon 2,800. Sharaɗin shi ne kwasar ta zo da wuri. Idan ta ƙarshe za a ba ka, kada ka shiga, domin kuɗinka zai yi wata tara yana zaune a hannun mutane alhali kati yana ƙirga maka kashi 2.5. Kuma ka faɗa musu gaskiyar abin da ya sa kake son ta farko. Wanda ya kwashe da wuri amanar mutum tara ce a wuyansa, a ƙasar da kowa da iƙamar wani kamfani, wato takardar izinin zama, yake zaune.

Riyal 4,000 da ka ajiye, ka bar su. Lissafi zalla zai ce ka zuba su a katin, tunda riƙe su yana ci maka riyal 100 kowane wata. Na san da haka, duk da haka na ce ka bar su. Kai baƙo ne, mahaifiyarka ba ta daɗe da tashi daga jinya ba, albashi kuma yakan yi jinkiri. Ranar da aka bugo waya da tsakar dare aka ce ka taho, idan babu kuɗin tikiti a hannu, katin nan da ka ɓoye shi za ka tono, aikin wata shida ya rushe a dare ɗaya. Wasu za su ce ai idan ka biya katin, gurbin da ya buɗe a cikinsa shi ne ajiyarka. Wannan gurbin na banki ne, yana iya rage shi ko ya rufe shi, kuma lokacin da aka fi yin hakan shi ne lokacin da albashi ya daina shigowa, wato daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ka sa dubu huɗun a wani asusu daban wanda babu katinsa a aljihunka.

Yanzu bashin kamfanin lamuni. Kashi 15 da aka faɗa maka a kan dukan 30,000 ɗin ake lissafa shi kowace shekara, kamar ba ka taɓa biyan komai ba: 4,500 sau uku, riyal 13,500. Amma ai kana rage uwar kuɗin duk wata, don haka ainihin farashinsa a shekara ya kai wajen kashi 29. Duba kwantiraginka, za ka ga APR ɗinsa a nan kusa ko sama kaɗan. Wanda ya ji haka zai ce to shi ma a far masa da zarar an gama da kati. A nan ne nake so ka tsaya ka yi lissafi tukuna.

A irin wannan bashi, ribar a farkon zango take taruwa, saboda a lokacin ne uwar kuɗin ke da yawa. Cikin riyal 14,500 da ka biya a shekarar farko, wajen 6,900 riba ce, fiye da rabin dukan ribar shekara ukun. Wannan ta riga ta tafi, babu abin da zai dawo da ita. Uwar kuɗin da ta saura a kanka yau wajen 22,400 ce. Ƙa'idar SAMA ta ba ka damar biyan bashin gaba ɗaya kafin wa'adinsa, a yafe maka ribar sauran watannin, amma mai ba da bashin yana da haƙƙin karɓar diyya da ba ta wuce ribar wata uku masu zuwa ba, ana lissafa ta a kan ragowar uwar kuɗin, tare da abin da ya biya wa wani ɓangare na uku idan kwantiragi ya ambace shi. A manhaja ko a ofis ana kiran wannan السداد المبكر.

Ga yadda zai kasance a kanka. Lokacin da katin zai mutu, saura wata 13 a wannan bashin. Sai ka yi wata biyar kana tara 1,900 kafin ka haɗa abin da zai rufe shi, wato riyal 9,500. A lokacin saura wata takwas, uwar kuɗin wajen 8,790, diyyar wata uku wajen 500, jimla kusan 9,290. Idan kuma ka bar shi ya tafi a kan tsarinsa, wata takwas ɗin riyal 9,667 ne. Abin da za ka tsira da shi bai kai riyal 400 ba, bayan ka kwashe duk abin da ka tara. Ni ban ga ya cancanci ka zauna hannu wayam saboda wannan ba. Da a ce yau kana da dunƙulallen kuɗi a hannu, da maganar ta canza: rufe shi yau zai ci wajen 23,800 maimakon 29,000, ka tsira da sama da dubu biyar. Wato amfanin rufe irin wannan bashi yana narkewa ne da kowane wata da ya wuce, shi ya sa ba a yanke masa hukunci da ka, sai an nemi lambar rufewa a rubuce an kwatanta ta da jimlar abin da ya saura.

Tambaya ɗaya za ka yi musu tun yanzu, kuma ka nemi amsar a rubuce: idan na kawo ƙarin kuɗi a tsakiyar zango, za a cire shi daga uwar kuɗin a sake lissafin riba, ko za a ajiye shi ne a matsayin biyan watannin gaba? Idan na biyun ne, ba ka rage ko riyal ɗaya na riba ba, ka dai ba su kuɗinka da wuri. Idan na farkon ne, to bayan kati yana da kyau ka riƙa tura wani abu can, domin kashi 29 ya fi abin da kowace ajiya za ta ba ka. Katin ba shi da wannan matsalar, duk abin da ka zuba yana rage bashin nan take, shi ya sa ya zama na farko ko da farashin nasu ya yi kusa.

Wataƙila wani ma'aikacin banki ya kira ka ya ce zai haɗe maka bashin biyu a sabon bashi ɗaya mai sauƙin biya na shekara biyar. Abin da za ka biya a wata zai ragu, gaskiya ne, amma bashin da zai mutu cikin wata 11 da wanda zai mutu cikin wata 24 sun koma na wata 60, ga diyyar rufe tsohon, ga kuɗin buɗe sabon. Ka ce ya rubuta maka jimlar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka kwatanta da taka: wajen 20,800 na kati da 29,000 na lamuni.

Maganar aikawa gida kuwa, a riyal ake binka, riyal kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. A watan Mayun 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya canza riyal ɗinsa zuwa naira kafin wannan faɗuwa don ya ci ribar kashi 20, ya ga lambobi sun ƙaru a asusunsa na gida, amma da zai mayar da su riyal da bai samu rabin abin da ya aika ba, bashinsa na nan kuwa ko gezau. Ba ina cewa kada ka mallaki komai a Katsina ba, can za ka koma, fili ko gida a can yana da ma'anarsa. Amma wannan shawara ce ta wanda ba a binsa kashi 34 a riyal.

Hannun jari ma haka. Mai iƙama yana iya buɗe asusun saye a kasuwar Tadawul, kuma ga wanda zai bar kuɗinsa shekara goma ba abin ƙi ba ne. Sai dai ka tambayi duk wanda ya daɗe a ƙasar nan abin da ya faru a 2006. A watan Fabrairun shekarar ma'aunin kasuwar ya haura 20,000, kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da 8,000, kuma da yawa cikin waɗanda suka fi jin jiki da bashi suka shiga. Mai sayen hannun jari alhali yana bin kati da mafi ƙarancin biya, da kuɗin banki yake saye, ko bai ji hakan a ransa ba.

Akwai wani dalili da ya shafe mu mu baƙi fiye da 'yan ƙasa. Zamanka a nan a kan aikinka yake rataye. A dokar ƙwadago, kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan haka. Idan da dukan 8,500 ɗin aka lissafa, shekara huɗunka riyal 17,000 ne in kamfani ne ya sallame ka, in kuwa kai ka ajiye aiki tsakanin shekara biyu da biyar, kashi ɗaya cikin uku kawai za ka samu. Yau ana binka sama da 40,000 a wuri biyu. Bankin da albashi ke shiga yakan riƙe kuɗin sallama har a daidaita abin da yake bi, bashin da aka kasa biya yana shiga rajistar Simah da duk masu ba da bashi ke dubawa, idan kuma magana ta kai kotun zartar da hukunci ana iya hana mutum fita daga ƙasa. Jarin da ya faɗi kashi 20 a watan da aiki ya tsaya ba zai fitar da kai daga wannan ba. Kati da ya mutu kuwa ya rage nauyin da kusan rabi.

Idan zuciyarka tana yi maka ɗar-ɗar ta fuskar addini, ba kai kaɗai ba ne. Yawancin katunan nan da lamunin da ake kira na Musulunci a kan tawarruƙ aka gina su, wato a sayar maka da kaya bashi, a sake sayar da su a ba ka kuɗin a hannu, kwamitocin malaman bankunan sun halatta, amma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 2003, da ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 2009, sun hana irin wanda banki ke shirya saye da sayarwar gaba ɗaya da kansa. Hukuncin naka kwantiragin sai ka kai wa malamin da ka amince da shi ya duba. Ko wane ra'ayi ya bi, fita da wuri ba ta saɓa masa ba.

Ranar da katin ya koma sifili, kada ka tsaya a ganin sifilin a waya. Ka jira takardar wata mai zuwa, domin wani lokaci ragowar ribar kwanakin ƙarshe takan fito a cikinta, 'yan riyal kaɗan da in aka manta da su suke zama tarar jinkiri. Ka biya su, ka nemi a rufe katin, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka komai, wadda suke kira mukalasa, ka ajiye hotonta a wayarka da kwafinta a akwati. Bayan wata ɗaya ko biyu ka duba rahotonka na Simah ka tabbatar an rubuta an rufe. Idan kana ganin dole ka riƙe kati saboda sayen tikiti, ka sa a rage iyakarsa zuwa abin da albashin wata ɗaya zai iya sharewa.

Daga nan 1,900 ɗin ta zama taka. Watanni takwas ko tara na farko ka ƙara su a kan dubu huɗun nan, har ajiyar gaggawa ta kai kuɗin hidimarka na wata uku, haɗe da saƙon gida da biyan lamuni. Wurin ajiye ta shi ne asusun ajiya na banki ko asusun murabaha, mai kawo riba ta hanyar saye da sayarwa, da ake iya cira cikin 'yan kwanaki. Za ka ji ana maganar sukuk ɗin gwamnati na Sah, wato takardun jari na tsarin Musulunci, da aka fara a Fabrairun 2024, mai farawa daga riyal 1,000, to 'yan ƙasa aka yi wa shi. Bayan ajiyar ta cika sai ka fara jarin wata-wata, kuma kafin ka tura wa kowane kamfani ko manhaja kuɗi, ka nemi sunansa a jerin masu lasisi na Hukumar Kasuwar Hannun Jari ta Saudiyya. Wanda ya ce ka tura a asusun wani mutum ta WhatsApp ba ya cikin jerin. Lokacin da lamunin zai ƙare, wata 24 daga yau, 1,208 ɗinsa ta haɗu da 1,900, kana da sama da riyal 3,100 a wata da babu mai haƙƙi a kansu. Idan ka kai can ka sake rubuto mini, mu duba nawa zai zauna a riyal, nawa zai tafi Katsina, da yadda za ka fitar da zakkarsa idan ya kai nisabi. Ka gaida Hajiya.